Ku Bar Wa Marubuci Taken Labarinsa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Shirya Gasar Gajerun Labarai A Sakkwato

Assalamu alaikum, malamaina da iyayena.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandaren 'yan mata a cikin garin Sakkwato, kuma kusan duk shekarar da aka yi shelar gasar gajerun labarai ta ɗalibai sai na tura aƙalla labari biyu ko uku daga ajina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne layi ɗaya da ya zama kamar farilla a takardun shelar gasannin nan: "A rubuta labari mai taken kaza." Gasar da muka shiga bara cewa aka yi kowa ya rubuta labari mai taken "Haƙuri Maganin Zaman Duniya". Da na ga takardar raba maki kuma, an ware wa jigo nasa, zubi da tsari nasa, salo nasa, ƙa'idojin rubutu nasu, amma babu ko gurbi ɗaya na take. To, ina za a samu gurbinsa, tunda an riga an yanke wa kowa shi?

Ina roƙon ku daina ba da take. Ku ba da jigo, ku bar kowa ya raɗa wa labarinsa suna, sannan ku sa alƙalai su auna sunan. Ga dalilina, kuma da labari ɗaya zan kafa hujja, domin a kansa na ga abin da idona.

Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta rubuta labarin da bai kai kalma dubu da ɗari biyu ba. Wata dattijuwa ce a wajen Ƙofar Rini, ɗanta ya tafi cirani kudu, shekara bakwai babu shi babu labari. Kullum da dare in an kwashe tuwo sai ta zuba malmala biyu a wani kwano, ta rufe da faifai, ta tura ƙarƙashin gado. Da safe ta ɗumama ta ba wani almajiri da ke tsayawa a zaure. 'Yarta da ke zawarci a gidan tana mita, ga tsadar gero ga ɓarna. Tsohuwa ba ta tanka mata. Rannan almajiri bai zo ba, washegari ma haka. A rana ta uku ta yafa mayafi ta bi makarantun allo tana cigiya, alhali ko sunansa na yanka ba ta sani ba, sai dai ta ce mai tabon ƙuna a hannun hagu. Daga ƙarshe wani gardi ya gaya mata mahaifinsa ya zo ya tafi da shi gida. Ta ce alhamdu lillahi, ta dawo. Da dare ya yi, 'yar ta leƙa ƙarƙashin gado, sai ta ga kwano biyu. Nan labari ya tsaya.

Yarinyar ta sa masa suna "Ajiya". Kalmar nan ba ta fito ko sau ɗaya a cikin labarin ba, na duba da jan biro a hannuna. Da lokacin turawa ya yi sai dole muka goge ta, muka rubuta taken gasa a sama. Ta tsaya bakin teburina ta ce, "Malam, to ai wanga ba labarina ba ne kuma." Na ce mata ba a canza ko waƙafi ba. Ta ce, "An canza, Malam." A lokacin na ɗauka rigimar yarinta ce. Sai da zangon karatu ya zagayo na gwada abin a wani ajin da bai taɓa ganin labarin ba, sannan na gane ita ke da gaskiya.

Ga yadda na yi, kuma kowane malami zai iya maimaitawa da alli da takarda. Na buga labarin iri ɗaya, na raba ajin gida uku. Rukuni na farko na ba su shi da taken gasa, na biyu da "Uwar Ɗan Cirani", na uku da "Ajiya". Na naɗe takardar yadda take kawai ake gani, na ce kowa ta rubuta jimla ɗaya a kan abin da take zaton za ta tarar. Bayan sun karanta kuma na yi musu tambaya biyu: labarin wa ne, kuma mene ne ma'anar kwano na biyu?

Masu taken haƙuri tun kafin su buɗe sun gama labarin a ransu. Kusan dukkansu sun rubuta cewa wata za ta sha wuya ta daure, daga baya ta ci riba. Da suka karanta sai suka yi ta jiran ɗan cirani ya dawo da mota da buhunan shinkafa. Da bai dawo ba, wasu suka ce labarin bai ƙare ba, wata ma ta juya takardar tana neman shafi na gaba. Ɗaya ta ce marubuciyar ta kauce wa jigo, domin haƙurin bai yi magani ba. Kwano na biyu kuwa, suka ce alama ce ta ƙarin haƙuri, shi ke nan. Ku lura, malamaina, babu laifin yaran. Taken ya yi musu alkawarin sakamako, labarin kuma bai taɓa ɗaukar wannan alkawari ba. In alƙalin gasa ya karanta shi da wannan ido, ai dole ya rage maki a warwarar jigo, kuma yana da hujja.

Masu "Uwar Ɗan Cirani" sun fi samun natsuwa. Sun zaci labarin kewa ne, kuma kewar suka tarar. Amma almajiri ya zame musu ɗan rakiya. Da na tambaye su labarin wa ne, suka ce na uwa da ɗanta, babu wadda ta ambaci yaron. Game da kwano na biyu, wasu suka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Taken gaskiya ya faɗa, bai yi ƙarya ba, sai dai ya haska rabin ɗakin ya bar rabi cikin duhu.

Rukuni na uku ne suka tsayar da ni. Kafin karatu duk kuɗi suka hango. Wata ta rubuta cewa an ba wani ajiyar kuɗi ya cinye, wata ta ce labarin adashi ne da uwar adashi ta gudu, wata ta ce zinari ne aka binne. Wato sun shiga da kunnen amana da cin amana. Suna karantawa suna neman abin da aka ajiye, sai suka tarar tuwo ne, wasu har da dariya. Amma da aka zo kan tambaya ta biyu ajin ya yi tsit, sannan wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai almajirin shi ma ajiya ne. Uwarsa ta aje shi garinmu, kamar yadda ɗan tsohuwar yake aje a garin wasu." Wata ta karɓe ta ce to ashe tuwon ba sadaka ba ne kawai, tana ciyar da ɗan wata ne da fatan wata na ciyar da nata. Ta uku ta ce an zo an karɓi ajiya ɗaya, ita tata ba a dawo mata da ita ba, kuma ga shi yanzu mutum biyu take jira. Duk wannan babu shi a rubuce a cikin labarin. Kalma ɗaya da ke sama ce ta sa suka koma baya suka ɗinke abubuwan da suka wuce su a karatun farko.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne sau biyu ake karanta take, ko da ido sau ɗaya ya sauka a kansa. Karatun farko zato ne: yana gaya wa mai karatu abin da zai sa wa ido, da irin zuciyar da zai shiga da ita, ko ta dariya ko ta tausayi. Karatu na biyu yana zuwa ne bayan layin ƙarshe, lokacin da mutum ya ɗaga kai ya sake tuna sunan. Take mai kyau ma'anarsa kan motsa tsakanin karatun nan biyu. "Ajiya" ta shiga a matsayin kuɗi, ta zama tuwo a tsakiya, ta fita a matsayin ɗan mutum. Taken gasa kuwa yadda ya shiga haka ya fita, har ma ya ja labarin baya.

Mu mutanen garin nan bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin kalmar take kanta daga wajen makaɗa muka san ta. Ana kaɗa taken basarake tun bai fito ba. Baƙon da ya zo kallon hawan salla zai ji kiɗa ne kawai, ya san dai wani babba na tafe. Wanda ya san mai taken, ya san gidansu da abin da kakansa ya yi, shi ganga magana take yi masa. Kiɗa ɗaya, kunne biyu. Mai karatu kafin labari baƙo ne, bayan labari ɗan gari ne. To, wane makaɗi ne zai kaɗa wa hakimai arba'in take ɗaya don a ji sauƙin jera su?

Malamanmu na jihadi ma ba su ɗauki sunan littafi da wasa ba. A cikin gabatarwa mawallafi kan faɗa da bakinsa cewa na raɗa masa suna kaza, kuma sau da yawa sunan yakan zo da amsa-amo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kira littafinsa na 1812 Infaƙul Maisuri, wato ciyar da abin da ya sawwaƙa, a kan tarihin ƙasashen Tukururu. Wanda bai buɗe ba zai zaci ɗan abin da ya samu ne aka miƙo. Wanda ya karanta ya ga yawan abin da ke ciki, sai sunan ya koma masa tawali'un malami. Ba gajeren labari ba ne, na sani, amma aikin sunan iri ɗaya ne.

Na san abin da za ku ce, domin na taɓa jin sa daga bakin wani dattijo da nake girmamawa, wanda ya daɗe yana alƙalanci a irin waɗannan gasanni. Ya ce, "Malam, in ba a ba su take ba, tsohon labari za su kwaso daga waya su kawo muna." Gaskiya ne ana satar labari, ni ma na kama a ajina. Amma take ɗaya ba ya hana ɓarawo, sauƙi ma yake ba shi: ya ɗauko kowane labarin wahala, ya goge sunansa, ya liƙa "Haƙuri Maganin Zaman Duniya", ya ƙara jimla ɗaya a ƙarshe. Taken da ya yi wa kowane labari daidai shi ne rigar ɓarawo. Abin da ke kama mai sata shi ne sharaɗi a cikin labarin kansa, misali a ce dole ya faru a wata unguwa da marubucin ya sani, ko a kira waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a tambaye su baki da baki. Kuma tambayar da ta fi saurin tona asiri ita ce, "Me ya sa kika sa masa wannan suna?" Wadda ta rubuta da kanta za ta yi ta zuba. Wadda ta kwafo za ta kalli ƙasa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Ana cewa labari mai kyau ba ya bukatar jingina, ga tatsuniya nan ba ta da take, "ga ta nan ga ta nanku" kawai ake cewa a shiga. Haka ne. Amma mai tatsuniya tana zaune a gabanka, muryarta da fuskarta da lokacin da ta zaɓa duk suna gaya maka irin abin da ke tafe, in ka ɓace kuma ta dawo da kai. Labarin da ke kan takarda ba shi da kaka a gefensa. A waya ma abin ya fi tsanani, domin sau da yawa take kaɗai mutum ke gani kafin ya yanke shawarar buɗewa ko wucewa. Sannan gajeren labari ba shi da filin da littafi ke da shi. Mai shafi ɗari biyu yana iya gyara zaton da sunansa ya haifar a hankali. Mai kalma dubu ba shi da wannan lokacin, duk kalmar da ke sama tana da nauyin sakin layi guda. Na yarda labarin ɗalibata zai tsaya ko babu take. Zai tsaya a matsayin labarin tsohuwa mai tausayi. Abin da zai rasa shi ne zaren da ya ɗaure ɗan cirani da almajiri, wanda in ta faɗe shi a cikin labarin da bakin tsohuwa ko na 'yarta, ya zama wa'azi ya lalace. Take ne kaɗai wurin da marubuci ke iya sa baki ba tare da ya shiga tsakanin taurarinsa ba.

Akwai kuma masu cewa ai karin magana a matsayin take gadonmu ne, su kawo misali da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Ba na jayayya, akwai labarai a ciki da karin magana ne sunansu. Sai dai a tuna wa ke ba da labaran da kuma dalili: aku ne yake ɗebe wa ɗan sarki kewa yana koya masa zaman duniya, don haka darasi a goshi ya dace da wurin. Kuma marubucin ne ya zaɓa wa kowane labari nasa, ba wani ya yanka masa ɗaya ya ce ya cika ba. Ni ban hana yara karin magana ba. Abin da nake koya musu shi ne cikakken karin magana hukunci ne, ya gama shari'a tun ba a ji shaidu ba. Rabinsa kuwa tambaya ce. "In Ka Ga Gemun Ɗan'uwanka" ya bar mai karatu yana ƙarasawa da kansa, yana kuma jiran ya ga ko gemun wa zai kama. In ma labarin ya zo ya saɓa wa karin maganar, to nan ne ake samun motsin da nake magana a kai.

Kada kuma a ɗauka duk taken da marubuci ya zaɓa da kansa mai kyau ne. Akasarin waɗanda nake gani a aji ba su da kyau, kuma shi ya sa nake so a riƙa auna su. Ita kanta mai "Ajiya" da "Kwano Biyu" ta fara. Na ce mata ta sake tunani, domin duk wanda ya ga kwano ɗaya a sakin layi na farko zai zauna jiran na biyu, ƙarshen ya zube tun ba a kai ba. Akwai kuma take mai yaudara, irin wanda ke alkawarin jini ko asiri don a buɗe, a shiga a tarar babu. Bambancinsa da "Ajiya" a bayyane yake: dukansu sun kai zato wani wuri dabam, amma ɗaya in ka gama sai ka ce ashe haka ake nufi, ɗayan kuma ka ce an cuce ni. Na uku shi ne ragon take, irin su "Ƙaddara" da "Rayuwa" da "Nadama". Gwajinsa ba wuya. Ɗauki labarai goma daga cikin tarin da ke gabanka ka ɗora musu shi ɗaya bayan ɗaya. In ya zauna daram a kan bakwai, ba na kowa ba ne.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ba zai ci muku ko kwabo ba. A takardar shela a rubuta jigo a fili, a ce labari ya taɓo haƙuri, ko cirani, ko zaman almajiri, sannan a ƙara cewa marubuci ya sa wa labarinsa take. In za a miƙa wa alƙalai, a cire sunan marubuci da na makarantarsa kamar yadda aka saba, amma a bar taken. A takardar maki a buɗe layi biyu. Na farko alƙali ya cika shi kafin ya karanta: me wannan take ya sa na zata? Na biyu bayan ya gama: me yake nufi yanzu? Minti ɗaya ya isa kowanne. In layukan biyu sun zo iri ɗaya sak, taken lakabi ne kawai, a ba shi kaɗan. In na biyu ya ƙaryata na farko ba tare da labarin ya biya bashin ba, yaudara ce. In na biyu ya haɗiye na farko ya ƙara masa zurfi, a cika masa. Maki biyar cikin ɗari sun wadatar. Ban nemi fiye da haka ba, domin take ba ya ceton labarin da ya mutu, kuma ba na so yara su kwana neman suna su bar gini.

Roƙo na ƙarshe ya shafi lokacin da ake tattara labaran da suka yi nasara a buga. Na sha ganin mai tacewa ya canza take don ya fi jan ido, ko don labarai biyu sun yi kama da suna. A tuntuɓi mai labarin tukuna, ko da yarinya ce 'yar shekara goma sha shida. Mai tacewa yana da ikon gyara ɗauri da ƙugiya da rabon kalma. Canza take kuwa canza abin da mai karatu zai fita da shi ne, kuma na nuna muku aji guda da ya karanta labarai uku daga rubutu ɗaya.

Ɗalibar tawa tana ajin ƙarshe yanzu, kuma ta riga ta fara wani labarin a bayan littafinta na lissafi. Makon jiya ta tare ni a bakin ofishin malamai ta ce, "Malam, bana su za su ba da suna ko ni?" Na ce mata zan tambaya.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Ɗalibinku,
wani malamin Hausa,
Sakkwato.